Yadda рф Ke Komawa xn--p1ai

Darasinmu na wannan mako a kan adireshin intanet ne.

Tun shekarar 2010 ƙasar Rasha take da adireshin da ke ƙarewa da рф, da haruffan Rashanci. Amma DNS, wato tsarin da ke nemo wa waya ko kwamfuta inda shafi yake, sunayen da aka saba ba shi na ASCII ne: a zuwa z, 0 zuwa 9, da karan ɗori. Shi ya sa burauza take fara sauya sunan ta hanyar da ake kira Punycode. Bari mu yi lissafin tare.

Kowane harafi yana da lambarsa a kundin Yunikod. Lambar р ita ce 1088, ta ф kuma 1092. Sannan a wannan lissafi a tana nufin 0, b tana nufin 1, har zuwa z, 25. Daga nan alƙalamin 0 shi ne 26, alƙalamin 1 kuma 27, har zuwa 9.

Ana fara ƙirga daga 128, inda ASCII ya ƙare. Idan muka cire 128 daga 1088, saura 960. Ita 960 daidai take da 27 sau 35, a ƙara 15. To 15 ita ce p, 27 kuma ita ce 1. Sai mu sa a, wato sifili, domin rufe lambar. Mun sami p1a.

Saura ф. Tazararta da р huɗu ce. Gurbi biyu ne za ta iya shiga, gaban р ko bayanta, don haka sai mu ninka 4 sau 2, mu sami 8. Da yake tana biye da р kai tsaye, ba ƙari ba ragi. Takwas ita ce i. Sai mu liƙa xn-- a farko, alamar cewa sunan sauyayye ne: xn--p1ai.

Kowane yanki da ke tsakanin ɗigo da ɗigo daban ake sauya shi, kuma kada ya wuce harafi 63 bayan sauyawar.

Sai dai a yi hattara! Harafin р na Rashanci kamar p ɗinmu yake a ido, alhali "r" ake karanta shi. Kama da wane ba ta wane. 'Yan damfara kan yi rajistar suna da irin waɗannan haruffa domin ya yi kama da na banki. Idan muka buɗe adireshin da muka sani na boko ne zalla, sai muka ga xn-- a cikinsa, kada mu sa lambar sirrinmu.

Aikin gida: ku sauya рс na Rashanci. Lambar с ita ce 1089. A kawo amsa ga 'yan kulob kafin ranar Juma'a.