Darasi: Yadda ake karanta hoton mitar ruwa

Da yawa daga cikinmu muna shan ruwa ne daga famfo ɗaya da wasu iyalai, ko a gidan haya a cikin gari ko a famfon unguwa da kwamiti ke kula da shi. Idan wata ya ƙare, sai wani ya ɗauki hoton mita da waya ya tura wa mai riƙe da littafin lissafi, shi kuma ya rubuta abin da ya gani, a raba kuɗi a kansa. Mai rubutun bai ga mitar da idonsa ba, hoto kawai ya gani, kuma lamba ɗaya da ya sa ba a gurbinta ba tana iya ninka kuɗin ruwan gida sau goma. Shi ya sa a wannan fitowa za mu bi hoto ɗaya tare, daga farko har ƙarshe.

Kafin mu taɓa lambobi, mu tabbatar hoton a tsaye yake. Mitar ruwa tana kwance ne a ƙasa, mai ɗaukar hoto kuwa yana iya tsayawa ta kowane gefe, don haka 6 takan koma 9 idan hoton ya juye. Ku nemi alamar m³, ku juya wayar har alamar ta karantu daidai. Sannan ku duba doguwar lambar da aka buga a jikin mita ko a murfinta. Wannan ita ce lambar shaidar mitar, ba ta canzawa, kuma ita ce ke nuna cewa hoton na famfonku ne ba na maƙwabta ba. Rubutu irin Qn 1,5 ko Q3 2,5 kuma girman mitar yake faɗa, ba shi da alaƙa da ruwan da kuka sha.

Alamar m³ tana nufin kubik, kuma kubik ɗaya lita 1,000 ne, wato jarka hamsin mai lita 20, ko duro biyar mai lita 200. A cikin 'yar tagar mita akwai lambobi baƙaƙe, su ne cikakkun kubik. Duk abin da yake ja, ko lamba ce ko allura, ɓangare ne na kubik, bai kai lita dubu ba. Wasu mitoci suna da jajayen lambobi a jere da baƙaƙen, wasu kuma suna da ƙananan agogo guda huɗu a ƙasan taga, kowanne da jar allura ɗaya. Irin na biyun ne ya fi rikita mutane, shi za mu ɗauka.

Ga misalinmu. A taga an ga 00347, duka baƙaƙe, wato kubik 347. A gefen kowane ɗan agogo akwai rubutu: x0,1 da x0,01 da x0,001 da x0,0001. Waƙafin da ke nan daidai yake da ɗigon da aka saba da shi a Najeriya, haka ake rubutawa a Nijar da Chadi da yawancin Kamaru. A agogon x0,1 kowace lamba lita 100 ce, a x0,01 lita 10, a x0,001 lita ɗaya. Na ƙarshen ɗan kurɓi ne kawai, masu gwajin mita ke buƙatarsa, mu ba sai mun rubuta shi ba. Ku bi rubutun gefe wajen jera su, kada ku bi wurin da suke zaune, domin ba kowane kamfani ke jera su iri ɗaya ba.

A hotonmu allurar x0,1 tana tsakanin 6 da 7. Ƙa'ida ita ce a ɗauki lambar da allura ta riga ta wuce, wato 6, ko da ta kusa taɓa 7. Idan tana tsakanin 9 da 0, 9 ake rubutawa. Allurar x0,01 tana tsakanin 2 da 3, sai mu rubuta 2, ta x0,001 kuma ta ɗan wuce 8. Abin da za a sa a littafi ke nan: 347.628 m³, ma'ana kubik 347 da lita 628. Kada a bar ɗigon, kada kuma a bar alamar m³. Wanda ya rubuta 3476 don ya manna lambar agogon farko a jikin baƙaƙen ya ninka karatun sau goma.

Inda aikin yake da wuya shi ne lokacin da allura ta zauna kamar a kan lamba daidai. Hoton da aka ɗauka a karkace yakan sa allura ta yi kamar ta kai 7 alhali ba ta kai ba. A nan agogon da ke bi mata a ƙanƙanta shi ne alƙali. Idan nasa yana kan 8 ko 9, bai gama zagaye ba, don haka ba a kai 7 ba, 6 ce. Idan yana kan 0 ko 1, ya gama, sai a rubuta 7. Haka ma idan baƙar lambar ƙarshe ta tsaya rabi da rabi, ana ganin ɓangaren 7 da ɓangaren 8 a taga ɗaya. Ku dubi agogon x0,1: in yana kan 9, har yanzu 347 ne, in ya shiga 0, an kai 348.

Wani lokaci kuma babu dabarar da za ta yi aiki, saboda hasken rana ya haska gilashi, ko tururi ya taru a ƙarƙashinsa, ko laka ta rufe wani gefe. A nan muna roƙon masu riƙe da littafi kada su cike gurbin da zato. A sa alamar tambaya a wurin lambar, kamar 347.6?8 m³, a rubuta dalili a gefe: "haske ya rufe agogon x0,01". Wannan gurbi ba ya hana raba kuɗi, domin iyakar abin da ya ɓoye lita 90 ne. Amma idan baƙar lamba ce ta ɓace, kamar 003?7, zancen ya canza, tunda 337 da 347 da 357 duk suna iya yiwuwa, kuma tsakanin kowanne da na gaba lita dubu goma ne. Irin wannan hoto ba a lissafi da shi, sai a sake ɗauka a ranar. A goge gilashi, a tsaya yadda inuwar mutum za ta rufe mitar, a kashe fitilar kyamara, a riƙe waya daidai saman fuskar mita.

Mita ba ta komawa sifili a farkon wata, tarawa take yi, don haka sai an cire karatun baya. Mu ce watan jiya an rubuta 329.410. Idan aka cire shi daga 347.628, saura kubik 18 da lita 218, kimanin jarka 910. In iyalai shida ne suka sha a kwana talatin, kowane gida ya ɗebi wajen jarka biyar a rana, abin da hankali zai ɗauka. Da lissafi ya ba da jarka hamsin, ko karatun yau ya gaza na watan jiya, sai a koma kan hoton kafin a karɓi kuɗin kowa. In hoton daidai ne amma ruwan ya yi yawa, a rufe duk famfuna da dare, a ɗauki hoto, a sake ɗauka da asuba kafin a buɗe. Allurar da ta motsa tsakanin hotunan biyu alama ce bututu yana yoyo bayan mita.

Ga masu mitar wuta, ma'aunin kWh ne ba m³ ba. Mitar da ake saya wa kati takan sauya fuska, ta nuna ragowar abin da aka saya, can kuma ta nuna jimillar abin da aka sha, don haka a rubuta wanne ne ya fito a hoton. A kowane layi na littafi, na ruwa ko na wuta, a sa ranar da aka ɗauki hoton da lambar shaidar mita, kuma kada a goge hoton daga waya sai takardar biyan kuɗi ta zo an kwatanta.