Gina Jiki da Nisan Tsere: Nazari a kan Usain Bolt da Eliud Kipchoge

Gabatarwa

Duk mai kallon gasar guje-guje zai lura cewa 'yan gajeren zango ƙarfafa ne masu murɗaɗɗen jiki, alhali 'yan dogon zango sirara ne. Wannan maƙala ta ɗauki gwanaye biyu domin bayyana dalilin hakan. Usain Bolt na Jamaika ya gudu mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Berlin a 2009. Eliud Kipchoge na Kenya kuwa ya gama gudun fanfalaki, wato kilomita 42.195, cikin sa'a 2 da minti 1 da daƙiƙa 9 a wannan birnin a 2022. Nauyin Bolt ya kai wajen kilo 94, na Kipchoge kuwa wajen kilo 52. Manufar maƙalar ita ce nuna cewa tsoka jari ce a wani tseren, kaya ce a wani.

Zaren Tsoka Iri Biyu

Tsokar ɗan'adam ta ƙunshi zare iri biyu manya. Akwai mai saurin tsukewa, wanda yake ba da ƙarfi mai yawa nan take, amma ya gaji da wuri. Akwai kuma mai jinkirin tsukewa, wanda ƙarfinsa kaɗan ne, sai dai yana wadace da ƙananan jijiyoyin jini masu kai masa iskar oksijin, don haka yakan daɗe yana aiki. Kowa yana da duka biyun, rabon ne ya bambanta, kuma gado yana da babban tasiri a kansa. Zare mai saurin tsukewa ya fi amsa horon ɗaga ƙarfe ta hanyar yin kauri. Wannan ne ya sa ɗan gajeren zango yake cika ido.

Ƙarfi a Ƙiftawar Ido

A lokacin da ɗan tseren mita 100 ya kai ƙololuwar gudunsa, ƙafarsa ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a ƙasa. A ɗan wannan lokaci dole ya danna ƙasa da ƙarfin da ya ninka nauyin jikinsa sau da yawa. Ƙarfin tsoka kuwa yana ƙaruwa ne gwargwadon kaurinta, shi ya sa ake buƙatar manyan cinyoyi da ɗuwawu. Makamashin wannan aiki yana fitowa ne galibi daga abin da tsoka ta ajiye a cikinta, ba tare da jiran oksijin ba. Ajiyar ba ta daɗewa, amma kafin ta ƙare an gama tseren.

Kuɗin Dakon Nauyi

A dogon zango lissafin ya juya, domin kusan dukkan makamashin ya dogara ne da oksijin. Ƙiyasin da aka saba amfani da shi shi ne, mai gudu yana ƙona kusan kilokalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita. Bisa wannan, mai kilo 52 zai ƙona kusan kilokalori 2,200 a gudun fanfalaki, mai kilo 94 kuwa kusan 4,000. Sikarin da jiki yake ajiyewa a tsoka da hanta bai fi kimanin kilokalori 2,000 ba ga matsakaicin mutum. Idan ya ƙare, jiki yakan koma ga kitse, wanda ƙona shi yana da nawa, sai gudu ya ragu farat ɗaya, galibi bayan kilomita 30.

Ga kuma batun zafi. Fiye da kashi uku cikin huɗu na makamashin da tsoka ta ƙona yana zama zafi ne, wanda galibi ta fata yake fita. Siririn jiki yana da faɗin fata mai yawa idan aka gwada da nauyinsa, saboda haka ya fi saurin hucewa. Bolt bai damu da wannan ba cikin daƙiƙa goma, amma Kipchoge yana fama da shi sa'a biyu cur.

Iyakar Wannan Ƙa'ida

Kuskure ne a ɗauka cewa yawan tsoka shi ne gudu. Abin da yake aiki shi ne ƙarfi gwargwadon nauyi. Ɗan tseren da ya ƙara kauri amma lokacinsa na mita 30 na farko bai ragu ba, kaya ya ƙara wa kansa. Haka nan rama ba juriya ba ce. Mai dogon zangon da ya tauye cinsa domin ya sirance yana iya gamuwa da tsagewar ƙashi da gajiya marar yankewa, mata kuma al'adarsu ta ɗauke. Shi kansa Bolt, mai tsawon mita 1.95, ya saɓa wa tsohon zaton cewa dogo ba ya iya gajeren zango: da taku kusan 41 yake gama mita 100, abokan karawarsa kuwa sukan yi wajen 45.

Kammalawa

Gado ne yake karkata ɗan wasa zuwa tseren da ya dace da shi, horo kuma ya ƙara fito da wannan siffa. Saboda haka mai horar da matasa ya auna su da agogo a gajere da dogon zango kafin ya yanke hukunci da ido.