Yadda ake gano abin da ya ɓata zanen alƙaluma a Excel

A ce sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa yana da jadawalin girbin shekara goma. Shekarun suna A2 zuwa A11, daga 2015 zuwa 2024, yawan buhuna yana B2 zuwa B11, kanun kuma suna A1 da B1. Ya zaɓi jadawalin, ya shiga Insert ya ɗauko Line, sai ga layi biyu maimakon ɗaya. Na sama ya miƙe sambal wajen 2,000, na ƙasa ya tsinke a wuri guda, ya kuma faɗo sifiri a wani wurin. Matsala uku ce daban-daban, kuma siffar kowacce ita ke nuna asalinta.

A fara da baƙon layin. Danna shi, ka dubi wurin rubuta lissafi a saman allo. Za ka ga ya ɗauko A2 zuwa A11, wato shekarun ne Excel ya zana. Da ya ga lambobi ne masu kanu a kansu, sai ya ɗauke su tamkar buhuna, ya jera 1, 2, 3 a gindin zanen. Danna dama a kan zanen ka buɗe Select Data. A ɓangaren hagu ka zaɓi jerin shekarun ka danna Remove. A ɓangaren dama, ƙarƙashin Horizontal (Category) Axis Labels, danna Edit ka zaɓi A2 zuwa A11. Idan ka danna layin da ya rage, abin da ya kamata ka gani ke nan:

```
=SERIES(Sheet1!$B$1,Sheet1!$A$2:$A$11,Sheet1!$B$2:$B$11,1)
```

Na farko suna ne, na biyu abin da ke gindin zane, na uku alƙaluman kansu. Na biyu da na uku dole su fara a sahu ɗaya su ƙare a sahu ɗaya, in ba haka ba girbin bana ya hau kan bara. Da ma tun farko an share abin da ke A1 kafin a yi zanen, da Excel ya gane shekarun da kansa.

Saura tsinkewa da faɗuwa, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna, don mutane suna ɗaukar su abu ɗaya. Inda layi ya tsinke, gurbin fanko ne, ba komai a ciki. Inda ya faɗo sifiri alhali ba sifiri aka rubuta ba, akwai abu a gurbin, amma rubutu ne, kuma Excel yana zana rubutu a matsayin sifiri. Kafin ka taɓa komai, gwada waɗannan a wani gurbi na gefe:

```
=COUNT(B2:B11)
=COUNTA(B2:B11)
```

Na farko yana ƙirga lambobi zalla, na biyu yana ƙirga duk gurbin da ke da wani abu. Sakataren ya samu 8 da 9. Goma a ɗebe tara, gurbi ɗaya fanko ne, B5 na 2018. Tara a ɗebe takwas, gurbi ɗaya rubutu ne, B8 na 2021, inda wani ya rubuta "buhu 420". Ido ma na iya kama shi: lamba tana maƙalewa dama, rubutu yana maƙalewa hagu, muddin ba a sauya jerin da hannu ba.

Maganin B8 shi ne a sake rubuta 420 kawai, kalmar buhu ta koma kanu. Idan kuwa lamba ce tsurarta da aka kwafo daga wani wuri ta zauna a matsayin rubutu, sau da yawa za ka ga ɗan koren tabo a kusurwar gurbin. Danna alamar gargaɗin da ke gefensa ka zaɓi Convert to Number.

Gurbin 2018 kuwa shawara yake buƙata. A cikin Select Data akwai Hidden and Empty Cells, mai zaɓi uku: Gaps, Zero, da Connect data points with line. Idan ambaliya ta cinye gonar ba a samu ko buhu ɗaya ba, a rubuta 0 a gurbin, don gaskiyar ke nan. Idan littafin shekarar ne ya ɓace, ni dai na fi son a bar giɓin. Zero zai shaida wa mambobi asarar da ba a yi ba, haɗe layin kuma zai nuna musu girbin da ba wanda ya auna.

Akwai tarkon da wannan akwatin ba ya warwarewa. A ce kadada tana C, a D kuma ana lissafin buhu nawa kowace kadada ta bayar, an sa lissafin ya dawo da `""` idan B fanko ne. A ido gurbin fanko yake, amma `""` rubutu ne, don haka layin zai faɗo sifiri ko da an zaɓi Gaps. Sai a sauya lissafin:

```
=IF(B5="",NA(),B5/C5)
```

Gurbin zai nuna #N/A, kuma Excel ba ya zana ɗigo a kansa. A tsofaffin fitowa yakan tsallake wurin ya haɗe layin. A Microsoft 365 akwai zaɓin Show #N/A as empty cell a wannan akwatin, in an kunna shi giɓin zai fito. Sai dai SUM ba ya haɗa jimla a kan #N/A, don haka a ware D don zane kawai, jimlar kuwa a ɗauko ta daga B.