Amsar Tambaya: Ina Yuriyar da Na Zuba Ta Tafi?

Tambaya: Na zuba yuriya a jigawata ta Batsari da wata fadama a Safana. Bayan ruwan Agusta dawa ta yi rawaya, amma inda na noma gyaɗa bara kore shar. Me ya faru?

Amsa: Malam, aikin ƙananan halittun ƙasa ne da ido ba ya gani. Tuge gyaɗa mai fure, ka fasa ƙulalan jikin saiwarta. In cikinsu jaja-jaja ne, ƙwayoyin rizobiyam na kamo naitirojin daga iska suna ciyar da ita. Ragowar da ta ruɓe dawarka ke ci bana, kodayake mai kwashe harawa kakaf kaɗan yake bari.

Ita kuwa yuriya amoniyam take zama, wasu ƙwayoyin su mai da shi naitiret cikin 'yan makonni. Naitiret ba ya manne wa ƙasa, sai ruwa ya wuce da shi ƙarƙashin rairayi, inda saiwa ba ta kai. A fadama kuma, in ruwa ya kwanta iska ta ƙare, sai wasu ƙwayoyin su shaƙi naitiret ɗin, ya tashi sama. Alamar yunwar naitirojin, ganyen ƙasa ke fara rawaya.

Raba takin biyu, mako na 3 da na 6 bayan shuka, ka binne shi, ka kuma yi wa fadamar magudana.