Yadda Ake Gyara Rubutun da Ya Fito da Manyan Baƙaƙe Bisa Kuskure

Maɓallin Caps Lock yana gefen hagu na allon madannai, yana manne da harafin A, don haka ɗan yatsan da ya nufi wannan harafi kan zame ya taɓa shi, mai rubutun da idonsa ke kan takardar da yake kwafa kuwa ba zai ankara ba sai ya cika sakin layi guda ko fiye da manyan baƙaƙe zalla. Share rubutun a sake bugawa ɓata lokaci ne, domin manhajojin sarrafa rubutu, wato irin su Microsoft Word da LibreOffice Writer da Google Docs, duk suna da umarnin da ke sauya girman baƙi. Sai dai rubutun da ido ke gani da manyan baƙaƙe iri uku ne, kowanne da maganinsa, kuma idan aka yi wa wani iri maganin wani, ana iya goge bayanin da da an bar shi zai dawo da rubutun daidai cikin daƙiƙa ɗaya. Saboda haka aikin yana farawa ne da tantancewa kafin a danna komai.

Dalilin hakan yana cikin yadda kwamfuta ke ajiye haruffa. A wurinta babban A da ƙaramin a haruffa biyu ne mabambanta, na farko lambarsa 65, na biyu 97, kuma umarnin sauya girman baƙi yana musanya lamba ne da takwararta ba tare da ya fahimci ma'anar kalma ba. Bai san cewa Kano gari ne ba, bai kuma san cewa Litinin sunan rana ne ba. Abin da yake iya ganewa kawai shi ne farkon kalma, ta hanyar filin da ya gabace ta, da farkon jimla, ta hanyar ayar da ta rufe wadda ke gabanta.

Iri na farko shi ne rubutun da aka juya masa baya. A kwamfuta mai aiki da Windows, idan Caps Lock na kunne sannan aka riƙe Shift, ƙaramin baƙi ne ke fitowa, saboda haka mai rubutun da ya ci gaba da danna Shift a duk inda ya saba zai samu rubutu kamar haka:

```
ɗALIBAN SUN TAFI kANO RANAR lITININ. zA SU KARƁI
TAKARDUNSU A OFISHIN jamb, SANNAN SU WUCE ƙAURAN nAMODA.
```

Alamar wannan iri ita ce ƙananan baƙaƙen da ke tsaye a farkon jimloli da farkon sunaye. Duk da munin kallonsa, shi ne mafi sauƙin gyara, domin kowane wurin da ya kamata ya ɗauki babban baƙi yana da shaidarsa. A cikin Word sai a zaɓi rubutun ta hanyar jan linzami a kansa, a shiga shafin Home, a danna alamar Aa da ke cikin rukunin Font, wadda sunanta Change Case, sannan a zaɓi tOGGLE cASE, umarnin da ke mayar da kowane babban baƙi ƙarami, kowane ƙarami kuma babba. Nan take Kano da Litinin da JAMB za su koma yadda aka nufa. Abin kiyayewa shi ne a tsayar da zaɓin daidai inda kuskuren ya fara da inda ya ƙare, domin duk layin lafiyayye da ya shiga ciki shi ma juya shi za a yi. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne gaggawar zaɓar lowercase ko Sentence case, wanda zai daidaita haruffan duka ya shafe shaidar sunayen. Idan hakan ya faru, sai a danna Ctrl+Z nan da nan a dawo da rubutun yadda yake, sannan a bi hanyar da ta dace.

Iri na biyu ba kuskuren bugawa ba ne, ado ne aka ɗora wa rubutun. Word na da wani zaɓi mai suna All caps, wanda ke nuna haruffa a matsayin manya alhali a ƙarƙashi suna nan yadda aka buga su, kuma ana iya kunna shi ba da niyya ba idan aka danna Ctrl+Shift+A a madadin Ctrl+A da ake zaɓar dukkan rubutu da shi. Ana gane shi ta hanyar zaɓar kalma ɗaya a danna Ctrl+D, akwatin Font ya buɗe, a duba ƙarƙashin Effects; idan akwai alama a gaban All caps, cire ta bayan an zaɓi dukkan wurin da abin ya shafa shi ne maganin, ba tare da an taɓa harafi ko ɗaya ba. Danna Ctrl+Spacebar ma yana cire adon, amma yakan tafi da kaurin rubutu da karkatarsa da aka sa da hannu.

Iri na uku shi ne mai buƙatar haƙuri, wato rubutun da aka buga da manyan baƙaƙe tun daga farko har ƙarshe ba tare da an taɓa Shift ba, kamar yadda ake yawan gani a jerin sunaye da sanarwar da aka turo daga wani wuri:

```
ƊALIBAN SUN TAFI KANO RANAR LITININ. ZA SU KARƁI
TAKARDUNSU A OFISHIN JAMB, SANNAN SU WUCE ƘAURAN NAMODA.
```

A nan babu wata shaida da ta rage, don haka gyaran yana da zango biyu, na manhaja da na mutum. A zango na farko sai a zaɓi rubutun, a buɗe Change Case, a ɗauki Sentence case, wanda ke barin babban baƙi a farkon kowace jimla ya ƙanƙantar da sauran. Sakamakon zai zama: Ɗaliban sun tafi kano ranar litinin. Za su karɓi takardunsu a ofishin jamb, sannan su wuce ƙauran namoda. Jimlolin biyu sun tashi daidai, amma wurare huɗu sun rage, wato kano da litinin da jamb da ƙauran namoda, kuma waɗannan su ne aikin zango na biyu.

Kayan aikin wannan zango shi ne Shift+F3, gajeriyar hanyar da ke zagayawa tsakanin ƙananan baƙaƙe da manya da kuma babban baƙi a farko, mataki ɗaya a kowace dannawa. Idan abin da aka zaɓa kalma ce ko 'yan kalmomi, matakin na uku yana ɗaga farkon kowace kalma, idan kuwa cikakkiyar jimla ce da ayarta, farkon jimlar kaɗai yake ɗagawa. Sai a danna linzami sau biyu a kan kano domin a zaɓe ta, a danna Shift+F3 har ta zama Kano, a yi wa litinin haka, a zaɓi ƙauran namoda tare a yi musu haka, jamb kuma a ci gaba da dannawa har haruffanta huɗu su zama manya. A yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka layin maɓallan F an ba shi aikin ƙara sauti ko haske, saboda haka idan an danna ba a ga canji ba sai a haɗa da Fn, a danna Fn+Shift+F3.

Idan takardar doguwa ce kuma suna ɗaya ya maimaitu da yawa, akwatin Find and Replace, wanda Ctrl+H ke buɗewa, yana rage wahala. Ana rubuta kano a gurbin Find what, Kano a gurbin Replace with, a danna More, a sa alama a Match case da Find whole words only, na farko domin a bambanta babba da ƙarami, na biyu domin kada a taɓa haruffan idan suna cikin wata kalma. Sai dai Replace All bai dace da kowane suna ba, domin Hausa na da sunayen garuruwa da suka yi daidai da kalmomin yau da kullum: Gaya gari ne a jihar Kano, gaya kuma aikatau ne, haka Mani na jihar Katsina da mani na ya kawo mani, haka Daura da daura da gidan. A irin waɗannan sai a riƙa danna Find Next ana duba kowanne kafin a danna Replace.

Haruffa masu ƙugiya suna buƙatar dubawa ta musamman bayan kowane sauyi. A tsarin Unicode, wato jadawalin da ya ba kowane harafi na rubuce-rubucen duniya lambarsa, Ɓ da ɓ, Ɗ da ɗ, Ƙ da ƙ, da Ƴ da ƴ da ake amfani da su a Nijar, duk an haɗa su bibbiyu, don haka manhajar da ke bin jadawalin tana sauya su kamar sauran haruffa. Matsalar tana tasowa ne a takardun da aka buga da tsofaffin fon na Hausa, waɗanda suka ɗora siffar haruffan a kan gurbin baka da wasu alamomi. Ido na ganin Ƙ, manhaja kuwa alama take gani, alama kuma ba ta da babba ko ƙarama, sai a tarar da kalma ta ƙanƙance amma ƙugiyarta ta tsaya babba a tsakiya, kamar karƁi. Domin tabbatarwa sai a zaɓi harafin shi kaɗai a danna Alt+X a cikin Word, lambarsa ta bayyana: Ɓ na gaskiya 0181 ne, Ɗ 018A, Ƙ kuma 0198, sake danna Alt+X yana mayar da harafin. Wata lamba daban na nufin tsohon fon ne, gyaransa kuma musanya kowace alama da takwararta ne ta Ctrl+H. Ya kamata kuma a duba jimlolin da suka fara da 'Yan ko 'Ya'ya, tun da alamar da ke gaban harafin ce ta fara zuwa, da kalmomi irin su jami'a da sana'a idan an yi amfani da Capitalize Each Word. Wannan umarni na ƙarshe, ko a kan take aka yi amfani da shi, yana ɗaga ƙananan kalmomi irin su da, na, ta, waɗanda marubuta da dama ke barinsu ƙanana.

A LibreOffice Writer umarnin duka suna ƙarƙashin Format, sannan Text, kuma Shift+F3 na aiki a can. Google Docs ya fi ƙarancin zaɓi, domin a ƙarƙashin Format, Text, Capitalization, lowercase da UPPERCASE da Title Case kaɗai ake samu, don haka dogon rubutu na iri na farko ko na uku gara a kwafe shi zuwa Word ko Writer a gyara, sannan a mayar.

Word na iya tare iri na farko tun yana faruwa idan an shiga File, Options, Proofing, AutoCorrect Options, aka sa alama a Correct accidental usage of cAPS LOCK key, wanda ke gyara kalmar da ta fito a juye ya kuma kashe maɓallin. Ga mai bugawa ba tare da kallon fuskar kwamfuta ba kuwa, Windows na da Toggle Keys, wanda ake kunnawa ta hanyar riƙe Num Lock na daƙiƙa 5, kuma daga nan kwamfutar za ta yi ɗan ƙara duk lokacin da aka taɓa Caps Lock.