Ku duba hotonku tun kuna shagon mai hoto

Jama'a, hoto ɗaya mara kyau yana iya sa a dawo wa iyali da takardunsu, a yi asarar kuɗin mota da yini guda, wani lokaci har ranar da aka ba su ta wuce. Gyara ya fi sauƙi kafin ku biya mai hoto. Ga abin da za ku duba.

Na farko, girma. A nan Kamaru ofisoshi da yawa suna karɓar hoto mai santimita 4 a tsaye, 4 a kwance, wanda ake rubutawa 4x4. Amma takardun tafiya da biza galibi suna son faɗin milimita 35 da tsayin 45. Waɗannan biyu ba ɗaya ba ne. Ku karanta takardar da aka ba ku, ko ku tambayi ma'aikaci, sannan ku gaya wa mai hoto girman da ake so.

Na biyu, fuska. A hoto mai 35 da 45, daga haɓa zuwa tsakar ka ya zama milimita 32 zuwa 36. Rular ɗan makaranta ta isa a auna. A kalli kyamara sosai, ido a buɗe, baki a rufe, kai kada ya karkace.

Na uku, haske. Ku fito da hoton bakin ƙofa ku duba. Farin bango yakan ruɗi kyamara, sai fuskar mai duhun fata ta fito baƙi ƙirin. In ba ku ganin ƙwayar ido da gefen hanci, a sake ɗauka. Kada kuma ku yarda a wanke fuskar a kwamfuta. Tsage, tabo da launin fata su ne shaidar ku ne. In an goge su, ma'aikaci zai yi shakka.

Ga misali. Wata uwa daga New Bell ta ɗauki hoto a Ndokoti da farin hijabi a gaban farin bango. Hijabin ya ɓace cikin bangon, ya sauko kan gira, inuwarsa ta rufe ido. Da aka auna, fuskar milimita 25 ce, domin an ɗauke ta daga nesa har ƙirji. Ba sai ta cire hijabi ba. Ta sa mai duhu, ta ja shi baya har fuska ta fito daga goshi zuwa haɓa, mai hoto kuma ya matso.

Hoton kada ya wuce wata shida, musamman na yara, don kamanninsu na saurin canjawa. Jariri a kwantar da shi kan farin zane, kada hannun uwa ya fito. In kun karɓa, ku sa hotunan a ambulan cikin leda saboda damshin Douala, kada ku naɗe su, kada kuma a huda fuskar da ƙarfen maƙala takardu.