Yadda Ake Rubuta Gajeren Bidiyo Kan Dubiya

'Yan'uwa ɗalibai, bidiyon minti ɗaya fitowa uku ta ishe shi, kowace daƙiƙa 20. A kowace fitowa a rubuta wuri, abin da za a gani, da abin da za a faɗa. Ga misali: Kawu manomin shinkafa ne a Wurno, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi. Sani ya zo dubiya daga Rabah.

Fitowa ta 1, ƙofar gida. Sani yana riƙe da ledar lemo. Ya yi sallama, ya tsaya har aka ce ya shigo.

Fitowa ta 2, cikin ɗaki. Ya cire takalmi, ya durƙusa kusa da tabarma, ya sassauta murya.
Sani: Sannu Kawu, ya jiki?
Kawu: Da sauƙi, ɗana.
Sani: Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Fitowa ta 3, bankwana. Sani ya ajiye lemon, ya tambaya ko akwai aike, ya tashi don Kawu ya huta.

Kada a sa wa Sani magana irin "Kai, kun rame!" ko labarin wanda ciwon ya kashe, domin tana karya zuciyar majinyaci. Kada kuma a ɗauki marar lafiya na gaske, ɗalibi ya fito a matsayin Kawu.

Daga ƙarshe a karanta rubutun a fili ana duba agogo. In ya wuce minti ɗaya, a rage magana, amma a bar addu'ar.